Kuskuren Jama'a, Tuhumar Mutum Ɗaya

Ranar 18 ga Fabrairu, 2011, da hantsi, aka kai wani yaro ɗan shekara shida asibitin Leicester Royal Infirmary da ke Ingila, yana amai da gudawa, numfashinsa na sarƙewa. Yaron yana da lalurar Down, kuma an taɓa yi masa aikin zuciya. Likitar da ta karɓe shi ita ce Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar asalin Najeriya, wadda a lokacin take shekara ta shida a horon ƙwarewa kan cututtukan yara, kuma ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa na sama da shekara guda ba. Da ƙarfe 9:20 na daren ranar Allah ya yi wa yaron rasuwa. Ƙwayoyin cuta ne suka kama huhunsa, gubarsu ta bazu a jini, abin da likitoci ke kira sefsis.

Ta yi kurakurai, kuma ba ta musa ba. Da farko ta ɗauka ciwon ciki ne da ƙarancin ruwa a jiki. Hoton ƙirjin yaron ya fito tun da tsakar rana, ba ta duba shi ba sai wajen ƙarfe uku, saboda haka maganin kashe ƙwayoyin cuta bai shiga jikinsa ba sai wajen ƙarfe huɗu. Ta dakatar da maganin zuciyar da yake sha, amma ba ta faɗa wa mahaifiyarsa kada a ba shi ba, aka kuwa ba shi da yamma. Sai dai a wunin nan akwai wasu abubuwan da ba nata ba ne. Ana ƙarancin likitoci, ita kaɗai take riƙe da aikin da ya kamata a raba wa mutum fiye da ɗaya, tana kai-kawo tsakanin sassa. Babban likitan da ke kanta ba ya asibitin da safe, yana wani gari. Kwamfutocin da ke nuna sakamakon gwajin jini sun lalace na sa'o'i, har gwajin da aka aika tun safe bai iso hannunta ba sai bayan ƙarfe huɗu. Binciken da asibitin ya yi da kansa ya fito da shawarwari 23 da gyare-gyare 79 da ya ce dole a yi.

Duk da haka, a cikin likitoci ita kaɗai aka gurfanar. A Nuwamba 2015 kotu a Nottingham ta same ta, ita da wata nas, da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, aka yanke mata ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka. A 2017 kwamitin ladabtar da likitoci ya dakatar da ita na shekara ɗaya, bayan ya yi la'akari da halin da asibitin ke ciki a ranar. Hukumar likitocin Birtaniya, GMC, ta ga hukuncin ya yi sauƙi, ta kai ƙara, a Janairu 2018 Babbar Kotu ta sa aka soke sunanta daga rajistar likitoci. Likitoci da sauran jama'a suka tara mata sama da fam dubu 300 don ɗaukaka ƙara. Ranar 13 ga Agusta, 2018, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe korar. A 2021 aka ɗage mata sauran sharuɗɗan da aka gindaya, ta koma aiki kamar kowa. Hukuncin 2015 kuwa yana nan ba a soke shi ba, iyayen yaron kuma rashinsu ba ya da madadi.

Abin lura a wannan shari'a shi ne hujjar da ta dawo da ita bakin aiki. Ba a ce ba ta yi kuskure ba, kuma ita da bakinta ta nemi afuwa a bainar jama'a kan rashin gane ciwon da wuri. Ba ta fito tana zargin mahaifiyar yaron ba. An dai shimfiɗa wunin ne sa'a bayan sa'a: wa ke ina, me ya iso hannun wa, da ƙarfe nawa. Da aka yi haka sai rabonta na laifin ya fito daidai girmansa, sauran kuma suka fito.

Yawancinmu ba za mu taɓa shiga irin wannan tashin hankali ba, amma ƙaramarsa tana faruwa kullum a asibitocinmu, makarantu, bankuna, ma'aikatu, har da shagunan kasuwa. Aiki ya bi ta hannun mutum biyar ya lalace, takardar tuhuma ta fito da suna ɗaya. Sau da yawa ba ƙiyayya ce ke jawo haka ba. Wanda ya sa hannu na ƙarshe shi ne kawai takarda ta nuna. Wanda ya gano ɓarnar ya kai rahoto shi ne wanda aka gani tsaye a wurin. Kuma hukunta ƙaramin ma'aikaci ya fi sauƙi da arha a kan gyara janareto ko ƙara ma'aikata. James Reason, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Manchester wanda ya yi fice wajen nazarin haɗurra, ya nuna tun a littafinsa na 1990 cewa a wurin aiki mai tsari ba kasafai kuskuren mutum ɗaya ke kaiwa ga ɓarna ba, sai matakan kariya da dama sun gaza a jere. Wasu gazawar sun daɗe a kwance, kamar na'urar da ta yi wata uku tana ciwo. Ta ƙarshen ce kawai ke da fuska da suna.

A wajenmu, wanda aka ɗora wa irin wannan laifi yakan bi ɗaya daga hanyoyi biyu. Wani ya haɗiye, ya ce ya bar wa Allah, don kada a ce ya tona asirin abokin aiki ko ya yi wa na gaba rashin kunya. Wani kuma ransa ya ɓaci, ya zazzage kowa a taro: wane malalaci ne, wance 'yar lelen oga ce, dama an daɗe ana neman sa da sharri. Na farkon yana da lada a niyyarsa, amma ya manta cewa fayil ba ya mantuwa. Oga zai yi ritaya, abokan aikin da suka san gaskiya za a yi musu canji, takardar gargaɗin kuwa tana nan ranar da za a zauna ƙarin girma. Abin da ya fi wannan muni, ramin da ya faɗa yana nan a buɗe yana jiran na bayansa. Na biyun kuma, ko da gaskiyarsa, ya sauya maganar. Yanzu ba a batun abin da ya lalata aikin, ana batun bakinsa.

Ga mai jin nauyin cewa faɗin abin da wani ya yi gulma ce, malamai sun daɗe da warware wannan. Imam Nawawi, a Riyadus Salihin, ya lissafa wurare shida da ambaton mutum a bayan idonsa ba ya zama giba, na farkonsu shi ne wanda aka zalunta ya kai kukansa ga mai ikon share masa hawaye. Sharaɗin a bayyane yake: ga mai iko, kuma gwargwadon buƙata. Ba a majalisar ƙofar gida ba, ba a zauren WhatsApp na ma'aikata ba.

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. Ƙaramin asibiti ne a wata ƙaramar hukuma, cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara. Ƙa'idar ajiye allurar rigakafi ita ce firji ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba ma'aunin safe da yamma kowace rana, har Asabar da Lahadi, a rubuta a takardar da ke manne a jikinsa. A jikin kwalaben akwai 'yar alama, murabba'i mai haske a cikin da'ira mai duhu. Duk zafin da kwalba ta sha yana taruwa, murabba'in na ƙara duhu, idan ya yi daidai da da'irar ko ya fi ta, maganin ya tashi aiki. Ɗigon shan inna shi ne ya fi saurin lalacewa.

Daren Laraba taransfomar unguwa ta lalace. Alhamis da yamma jami'ar rigakafi ta ga ma'auni ya kai 9, ta rubuta, ta faɗa wa shugabar asibiti da baki. Janareto ba mai, an rubuta takardar neman kuɗinsa tun mako biyu, shiru. Juma'a da safe ma'auni ya kai 11. Ta kira jami'in ƙaramar hukuma mai kula da ma'ajiyar sanyi, bai ɗauka ba, ta tura masa saƙo. Aka tashi da rana. Wanda jadawali ya ɗora wa duban Asabar da Lahadi ya yi musaya da wani da baki, kowanne ya ɗauka ɗayan ne zai zo, gurbin kwana biyu ya zauna babu rubutu. Litinin da safe ta buɗe firji ta tarar ba sanyi, wasu kwalaben alamarsu ta yi duhu. Ita ta kai rahoto. Talata aka miƙo mata takardar neman bahasi, an ba ta awa 48 ta yi bayanin dalilin da ba za a hukunta ta ba saboda sakaci.

Abu na farko shi ne kada ta amsa a ranar da ranta ke tafasa, kuma kada ta bari wa'adin ya wuce. A aikin gwamnati rashin amsa takardar tuhuma laifi ne mai zaman kansa, kuma ana ɗaukarsa kamar mutum ba shi da ta cewa. Idan lokacin bai isa ta samo takardu ba, ta nemi ƙari a rubuce kafin ya cika. Wannan yinin na farko na tattara shaida ne: hoton takardar ma'auni, hoton jadawalin aiki na makon, kwafin takardar neman mai, saƙon da ta tura da lokacin da wayar ta nuna, da jerin kiran da ta yi. Ta yi wannan da gaggawa, domin takardar da ke manne a jikin firji tana iya ɓacewa, gurbin da ba a cike ba kuma ana iya cike shi daga baya. Ita ma kada ta kuskura ta ƙara ko harafi ɗaya a tsohon rubutu. Sakaci ana yi masa gargaɗi, amma sauya takardun aiki yana iya kaiwa ga kora. Idan akwai abin da ta manta ba ta rubuta ba, ta rubuta shi a sabuwar takarda da kwanan watan yau. Kuma abin da ya shafi aikinta kaɗai za ta ɗauka, ba fayil ɗin marasa lafiya ko takardun sirri da ba ta da izinin taɓawa ba.

Sai ta zauna ta jera abin da ya faru bisa lokaci, kowane layi da rana, da sa'a, da abin da ya auku, da inda za a tabbatar da shi. A nan ne za ta raba abin da ta gani da idonta da abin da aka gaya mata. Ta ga gurbin Asabar da Lahadi babu rubutu, wannan ta sani. Cewa an yi musayar aiki da baki, ji ta yi. Cewa wane ya tafi biki ne ya bar aiki, zato ne, ba shi da wuri a takardar.

Daga nan sai abin da ya fi wuya, wato ta nemo nata rabon. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma mai karanta amsar ya san da haka, shi ya sa abin da zai fara nema ke nan. Idan ta duba da gaskiya za ta ga abu biyu. Ranar Alhamis ba ta rubuta rahoto ba, da baki ta faɗa. Ranar Juma'a, da ta ga 11 kuma ba a amsa kiranta ba, ya kamata ta kwashe kwalaben a akwatin sanyi ta kai asibiti mafi kusa mai firji mai aiki, ko ma'ajiyar ƙaramar hukuma, kafin a tashi. Wannan nata ne, kuma shi za ta sa a gaba. Amma ta faɗe shi daidai girmansa. Mutane da yawa, don neman a sassauta musu, sukan rubuta cewa duk laifinsu ne, a yi musu afuwa, ba za su sake ba. Wannan layi ɗaya yana rufe bincike, domin an riga an sami mai laifi da sa hannunsa.

Da Turanci ake rubuta irin wannan amsa a ofisoshin Najeriya, a Nijar da Faransanci, amma ga yadda ma'anarta za ta kasance:

"Ranki ya daɗe, na karɓi takardarki ta ranar Talata game da allurar da ta lalace, kuma na yi baƙin cikin wannan asara. Abu biyu ya kamata in yi ban yi ba: ban rubuta rahoto ranar Alhamis ba, kuma ban kwashe allurar zuwa wani firji ranar Juma'a ba. Na ɗauki alhakin waɗannan. Don bayanin ya cika, ga yadda abin ya gudana. Wuta ta ɗauke daren Laraba. Alhamis da yamma ma'auni ya nuna 9, na rubuta, na sanar da ke da baki. Janareto bai tashi ba saboda rashin mai, ga kwafin takardar neman kuɗinsa. Juma'a da safe ya nuna 11, na kira ofishin ma'ajiyar sanyi ban samu ba, na tura saƙo, ga hotonsa. Asabar da Lahadi ba na cikin jadawali, kuma ba a rubuta ma'auni a ranakun ba, ga kwafin jadawalin da na takardar. Ina roƙon a haɗa wannan bayani da takardar tuhumar a fayil ɗina, a kuma duba yadda za mu riƙa rubuta musayar aiki, da inda za a kai allura duk ranar da ma'auni ya haura 8."

A duba abin da babu a ciki. Babu sunan abokin aikin da bai zo ba, jadawalin zai faɗa. Ba a ce shugaba ta yi biris ba, an ce an sanar da ita. Babu "kullum", babu "da gangan", babu "kowa ya sani". Hanyar gane ko layi ya zama hari mai sauƙi ce: a karanta shi a ƙaddara mutumin da ya shafa yana zaune a gefe. Idan zai iya cewa "haka aka yi" ko da ransa bai so ba, layin ya tsaya. Idan zai ce "ina kika san abin da ke zuciyata", a goge shi.

Akwai wurin da ya fi ko'ina santsi a wannan misali, shi ne cewa wadda ta ba da takardar tuhumar tana cikin waɗanda abin ya bi ta hannunsu. Shi ya sa, kafin ta miƙa amsar, ya dace jami'ar ta same ta ita kaɗai a ofis ta ce, "Hajiya, ga abin da na rubuta, na sa cewa na faɗa miki ranar Alhamis. Ban so ki gan shi a takarda ba tare da kin ji daga bakina ba." Haka za ta yi wa abokin aikin nan: "Malam, zan haɗa jadawali da amsata, ban ambaci sunanka ba, amma za a gani. Idan akwai abin da ban sani ba, faɗa mini." Sau da yawa a nan ne wani bayani ke fitowa da zai gyara nata fahimtar. Wataƙila ya zo ranar Asabar ya tarar ɗakin a kulle, makulli na hannun wani. Wannan sanarwa ce, ba neman izini ba. Idan aka roƙe ta ta cire layin, a rufa wa juna asiri, sai ta ce cikin ladabi ba za ta ƙara komai a kan kowa ba, kuma ba za ta rage abin da ya faru ba.

Idan kuma a taro aka jefo mata laifin, gaban kowa, ba nan ne wurin warware shi ba. Jimla biyu sun isa: akwai abin da ya kamata ta yi ba ta yi ba, akwai kuma sauran bayani da za ta kawo a rubuce gobe. Da wannan ba ta amsa duka ba, ba ta kuma kunyata kowa ba.

Ranar miƙawa ta je da kwafi biyu, a buga wa nata hatimi, ko a sa hannu da kwanan wata a matsayin shaidar an karɓa. Wannan ƙaramin abu shi ne mutane suka fi sakaci da shi, kuma shi ne ke ceton su bayan shekaru. Ta bi ta hannun wadda ta ba ta takardar, kada ta tsallake zuwa sama, domin tsallake shugaba shi ma abin tuhuma ne.

Ba kowane lokaci wannan hanya ke wanke mutum ba, kuma bai kamata a ruɗi kowa ba. Ana iya karanta amsa mai kyau a ajiye, a ba da gargaɗin duk da haka. Idan hakan ta faru akwai ƙorafi a rubuce zuwa mataki na gaba, akwai ƙungiyar ma'aikata. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi haƙƙin a saurari mutum cikin adalci, kotuna kuma sun sha rushe korar ma'aikatan gwamnati da ba a ba su damar kare kansu ba. Rigingimun aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron su. A duk waɗannan wurare abin da za a fara tambaya shi ne me ka rubuta a lokacin. Sannan idan maganar ta haɗa da rai, ko ɓatan kuɗi mai yawa, ko 'yan sanda sun shigo, ko hukumar da ke ba da lasisin sana'a, to kada mutum ya rubuta amincewa da wani laifi sai ya ga lauya ko wakilin ƙungiyarsa. Kalmar da aka rubuta don tawali'u tana iya zama shaida a kotu.

Ku kuma masu ba da takardar tuhuma, shugabannin asibitoci, hedimastoci, manajoji da iyayen gida a kasuwa, akwai tambayar da masu binciken haɗurran jiragen sama da na asibitoci ke yi kafin su ɗora wa mutum laifi, kuma ba ta cin ko sisi: da an ɗauke wannan ma'aikaci an sa wani mai irin iliminsa da ƙwarewarsa, a rana irin wannan, da kayan aiki irin waɗannan, shin zai iya yin abin da wannan ya yi? Idan amsar e ce, ku nemi bayani a rubuce daga duk wanda aikin ya bi ta hannunsa, har da ku kanku, kafin ku sa sunan mutum ɗaya a takarda.